Karayar ɗan caca: lissafin da ke nuna inda kuɗin yake tafiya

A ce mutum yana riƙe da naira 100,000, ya shiga gidan caca da niyyar ba zai fito ba sai kuɗin sun zama 200,000 ko kuma sun ƙare ƙurmus. Wasan da zai yi mai sauƙi ne: in ya ci a ba shi daidai abin da ya sa, in ya faɗi a kwashe. Hanya biyu ce a gabansa. Ko ya zuba duka dubu ɗarin a karo ɗaya, ko ya riƙa sa naira 1,000 a hankali a hankali. Duk wanda na yi wa wannan tambaya yakan ce hanya ta biyu ita ce ta mai hankali, don an san gaggawa ba ta haifar da ɗa mai ido. Amma a teburin rulet irin na Turai, wanda ya zuba duka a karo ɗaya yana da damar kusan kashi 49 cikin 100 ta ninka kuɗinsa. Wanda ya bi a sannu kuwa damarsa ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Cikin mutum 224 da suka bi wannan hanya, kusan mutum ɗaya ne zai kai ga abin da yake nema, sauran su fita hannu rabbana.

Akasarin masu karatu sun san hukuncin caca a addini, ba kuma shi na zo maimaitawa ba. Abin da nake so mu gani shi ne yadda aka samo waɗannan alkaluma, domin hanyar samo su tana cikin mafi kyawun dabarun ilmin lissafi, kuma duk wanda ya iya tarawa da ninkawa zai iya bin ta daga farko har ƙarshe.

Tambayar tsohuwa ce. A shekarar 1656 Blaise Pascal ya ɗora wa Pierre de Fermat wata matsala ta 'yan wasa biyu masu jefa 'ya'yan ludo uku, labarin kuma ya isa ga Christiaan Huygens, masani ɗan ƙasar Holan, ta wasiƙar Pierre de Carcavi. A 1657 Huygens ya fitar da ɗan littafinsa kan lissafin wasannin sa'a, ya rufe shi da tambayoyi biyar. Ta biyar ita ce tamu. Mutum biyu, kowa da ƙwaya 12. Ana jefa 'ya'yan ludo uku. Duk lokacin da jimillar ta zama 11, na farko ya ba na biyu ƙwaya ɗaya, duk lokacin da ta zama 14, na biyu ya ba na farko. Wanda ya tattare duka ƙwayoyin shi ya ci. Huygens ya rubuta amsar kawai: damar na farko a kan ta na biyu kamar 244,140,625 ne a kan 282,429,536,481. Bai nuna yadda ya same ta a littafin ba. Za mu dawo kan waɗannan lambobi idan mun samu makamin da za mu kwance su.

Mutum a kan tsani

Wahalar matsalar ita ce wasan ba shi da adadin zagaye. Yana iya ƙarewa cikin jifa goma sha biyu, yana iya kai jifa dubu goma, kuɗi na hawa suna sauka. Wanda ya ce zai ƙirga dukan hanyoyin da wasan zai iya bi ba zai gama ba har abada. Dabarar ita ce a daina kallon wasan gaba ɗayansa, a kalli taki ɗaya tak.

Mu ɗauki ɗan wasan a matsayin mutum da ke kan tsani a cikin rijiya. Kowane mataki na tsanin kuɗin sawa ɗaya ne. Mataki na 0 shi ne ƙasan rijiya, wato karaya: aljihu ya bushe, wasa ya ƙare. Mataki na sama, wanda za mu kira N, shi ne bakin rijiya, wato adadin da ya ce in ya kai zai tashi. A kowane zagaye ko ya hau mataki ɗaya ko ya sauka ɗaya. Damar hawa mu kira ta p, damar sauka mu kira ta q, kuma in an haɗa su biyun dole su ba da 1, tunda ɗayansu ne zai faru. Abin da muke nema shi ne P(k), wato damar cewa mutumin da ke kan mataki na k zai isa bakin rijiya kafin ya taɓa ƙasa. Damar karayarsa ita ce abin da ya rage idan aka cire P(k) daga 1.

Abu biyu mun sani ba tare da lissafi ba. Wanda ke ƙasa ya riga ya karye, don haka P(0) = 0. Wanda ke baki ya riga ya fita, don haka P(N) = 1. Na tsakiya fa? Bayan zagaye ɗaya, ko yana mataki na k+1 ko yana k−1. Kuma ga abin da ya sa dabarar take aiki: kwabo da ɗan ludo ba su da ƙwaƙwalwa. Mutumin da ya iso mataki na k+1 yanzu daidai yake da wanda ya fara wasa daga can, ba ruwan wasan da ta inda ya biyo. Saboda haka damarsa ta yanzu gauraye ce ta damar maƙwabtansa biyu, kowace da nauyinta:

P(k) = p·P(k+1) + q·P(k−1)

Irin wannan ƙa'ida, wadda ke bayyana kowace lamba ta hanyar maƙwabtanta a jeri, ita ce ginshiƙin aikin. Ba ta faɗi amsar kowane mataki kai tsaye ba, ta dai ɗaure matakan da juna kamar sarƙa, bakin sarƙar biyu kuma a kafe suke, ɗaya a 0 ɗaya a 1.

Idan wasan na adalci ne

Mu fara da jefa kwabo, irin wanda alƙalin wasa ke yi kafin a take ƙwallo. Hawa da sauka daidai suke, p da q kowanne rabi. Ƙa'idar ta koma cewa damar kowane mataki tana tsakiyar damar na samansa da na ƙasansa daidai wa daida.

A gwada da ɗan gajeren tsani mai matakai huɗu. P(1) rabin P(2) ne, tunda ɗaya maƙwabcin sifiri ne. P(3) kuwa rabin 1 ne da rabin P(2). Shi kuma P(2) rabin P(1) ne da rabin P(3), in aka zuba na baya a ciki sai ya zama rubu'in P(2), da rubu'i guda, da wani rubu'in P(2). Ke nan rabin P(2) daidai yake da rubu'i, P(2) ya zama rabi. Daga nan P(1) rubu'i ne, P(3) kuma uku bisa huɗu. Jerin ya fito 0, 1/4, 2/4, 3/4, 1.

Ba sa'a ba ce ta sa jerin ya fito a miƙe haka. In kowace lamba tana tsakiyar maƙwabtanta, to tazarar da ke tsakaninta da ta ƙasa daidai take da tazarar da ke tsakaninta da ta sama. Duk tazarorin iri ɗaya ne ke nan. Su N ne, kuma gaba ɗayansu sun tashi daga 0 zuwa 1, don haka kowace 1/N ce. Wanda ke mataki na k ya tara k daga cikinsu:

P(k) = k/N

Ma'anarta, a wasan adalci damarka ta cinye komai daidai take da rabonka a cikin kuɗin da ke kan tabarma. In kana da 30 abokin karawarka yana da 70, sau 30 cikin 100 kai za ka tattare, sau 70 shi.

Akwai abin da ke ruɗin mutane a nan. Wanda ya zo da 90 yana neman 100 zai yi nasara sau tara cikin goma. Zai koma gida ya ce ya gano sirri, gobe ya sake, jibi ya sake, galibi kuma ya dace. Sai dai a kowace nasara 10 yake samu, ranar faɗuwa kuwa 90 ke tafiya gaba ɗaya, riba tara ta goma-goma ta tafi a zama ɗaya. Haka zancen dabarar nan ta ninka kuɗi bayan kowace faɗuwa. Mai naira 127,000 da ya fara da 1,000, ya koma 2,000, sannan 4,000, har zuwa 64,000, yana da zagaye bakwai kafin ya ƙare, kuma ci ɗaya ya ishe shi ya fita da ribar 1,000. Da kwabo na gaskiya damarsa 127 ce cikin 128, wato dai k/N ɗin nan ba ƙari ba ragi. Canza girman kuɗin sawa ba ya motsa wannan amsa ko kaɗan matuƙar wasan na adalci ne.

Sai abu na biyu, wanda ya ba matsalar sunanta. Me zai faru in mutum bai sa wa kansa iyaka ba, ko abokin karawarsa yana da dukiyar da ta ninka tasa nesa ba kusa ba? Mai 100 da ke karawa da mai 900 damarsa ɗaya ce cikin goma. In na biyun yana da 999,900, damar ta koma ɗaya cikin dubu goma. Yayin da N ke ƙaruwa, k/N na matsawa zuwa sifiri. Wato ko ba a cuci mutum da ko anini ba, in ya ci gaba da wasa da wanda kuɗinsa ba sa ƙarewa, karayarsa tabbas ce. Tsanin yana da ƙasa amma ba shi da baki, mai hawa da sauka a kansa kuwa wata rana sai ƙafarsa ta taɓa ƙasa.

Idan ma'auni ya karkata

Yanzu mu bar p da q su bambanta. Tunda jimillarsu 1 ce, ana iya rubuta P(k) a matsayin p·P(k) + q·P(k). A sa wannan a hagun ƙa'idar, a tattara masu p a gefe ɗaya, masu q a ɗaya gefen, sai a samu:

p·[P(k+1) − P(k)] = q·[P(k) − P(k−1)]

Abin da ke cikin baka na hagu tazarar sama ce, na dama kuma tazarar ƙasa. Don haka kowace tazara ita ce wadda ta gabace ta an ninka da q/p. Wannan lamba, damar faɗuwa an raba da damar ci, mu kira ta r. Ita ke riƙe da dukan labarin. In r ta zama 1, mun koma tsanin da matakansa suke daidai. In ta haura 1, matakan ƙasa gajeru ne, suna ƙara tsawo ana hawa.

Mu gwada da hannu. A jefa ɗan ludo guda: in 5 ko 6 ta fito ka ci, in sauran huɗun ne ka faɗi. p ɗaya bisa uku ce, q biyu bisa uku, r ta zama 2. A tsani mai matakai huɗu, in tazarar farko d ce, ta biyu 2d ce, ta uku 4d, ta huɗu 8d. Jimilla 15d, kuma dole ta zama 1, don haka d ɗaya ce bisa 15. P(1) ya zama 1/15, P(2) ya zama 3/15, P(3) ya zama 7/15. Yana da kyau a tabbatar: sulusin 7/15 da sulusi biyu na 1/15 sun ba da 9/45, wato 3/15, daidai da P(2). Lissafin ya tsaya da ƙafarsa.

A lura da abin da ya faru da mutumin da ke tsakiya. A zagaye ɗaya damarsa ɗaya ce cikin uku, amma damarsa ta kaiwa baki ɗaya ce cikin biyar. Ko wanda ya rage masa mataki ɗaya tak bai kai rabi ba. In an ƙirga matakai, na biyu cikin huɗu ya yi rabin tafiya. In an auna tsawo, kashi ɗaya cikin biyar kawai ya hau, domin dogayen matakan duk suna gabansa.

Don kowane tsani, abin da ake yi ke nan: a tara 1, r, r sau r, haka har guda k, a raba da irin wannan tari mai guda N. Tarin lambobin da ke ninkuwa da abu ɗaya yana da gajeriyar hanya da ake koyarwa a sakandare, in aka bi ta sai a samu:

P(k) = (r^k − 1) / (r^N − 1)

Alamar r^k na nufin a jera r guda k a ninka su da juna. Da r = 2, k = 2, N = 4, sama ta ba da 3, ƙasa ta ba da 15, kamar yadda muka samu da hannu. In mutum yana son ninka kuɗinsa ne, wato N ninki biyu ce ta k, abin ya ƙara sauƙi:

P(k) = 1 / (1 + r^k)

Wato a kan kowace nasara ɗaya akwai karaya r^k.

Komawa ga mai dubu ɗari

Rulet wani faifai ne da ake juyawa, a jefa ɗan ƙaramin ƙwallo ya faɗa ɗaya daga cikin gurabunsa. Na Turai yana da gurbi 37: ja 18, baƙi 18, da kore guda mai lambar sifiri. Wanda ya sa kuɗi a kan ja yana ci a gurbi 18, yana faɗuwa a 19. Ke nan r ita ce 19/18, kimanin 1.056. A ido wannan karkata ba komai ba ce, gurbi ɗaya ne kacal.

Wanda ya zuba naira 100,000 a karo ɗaya tsaninsa mataki biyu ne, yana kan na ɗaya. Damarsa 18 cikin 37, kashi 48.6 cikin 100. In ya riƙa sa 10,000, yana kan mataki na 10 yana neman na 20. A ninka 19/18 sau goma a samu kusan 1.72, damarsa ta sauka zuwa kashi 36.8. In ya rage zuwa 5,000, k ta zama 20, r^k ta kusa 2.95, damar ta koma kashi 25.3. In kuma naira 1,000 yake sawa, k ta zama 100, r^k ta kai kusan 223, damarsa kashi 0.45 ce, karayarsa kuma ta haura kashi 99.5. A faifan Amurka mai gurbi 38, inda kore biyu ne, r ta zama 20/18, wannan mutum damarsa ɗaya ce cikin fiye da 37,000.

Kuɗi ɗaya, buri ɗaya, faifai ɗaya, amma amsar ta tashi daga kusan rabi zuwa kusan babu. A wasan adalci mun ga girman kuɗin sawa ba ya canza komai. Me ya sa ya zama shi ne komai a nan?

Dalilin yana ga tsawon wasan, kuma shi ma ana samun sa da irin wannan dabara ta taki ɗaya: matsakaicin adadin zagayen da suka rage wa mai mataki na k shi ne zagaye ɗaya da zai yi yanzu, da gaurayen abin da ya rage wa maƙwabtansa biyu. A wasan adalci amsar ita ce k sau (N − k). Mai tashi daga 10 zuwa 20 zai yi zagaye 100 a matsakaici, mai tashi daga 100 zuwa 200 kuwa zagaye 10,000. An rage kuɗin sawa sau goma, tsawon wasan ya ƙaru sau ɗari. A rulet, saboda gangarar da ke jan mutum ƙasa, wasan yana ƙarewa da wuri fiye da haka: mai sa naira 1,000 zai yi zagaye kusan 3,667 a matsakaici.

Gidan caca kuwa, a matsakaici, yana samun kashi ɗaya cikin 37 na duk kuɗin da aka ajiye a kan tebur, kimanin naira 27 a kowace dubu. Wannan kaso ba daga kuɗin da mutum ya shigo da su ake cire shi ba, daga kuɗin da suka ratsa tebur ne, kuma naira ɗaya tana iya ratsawa sau da yawa. Wanda ya zuba duka a karo ɗaya naira 100,000 ce ta ratsa, asararsa ta matsakaici kusan 2,700. Mai sa 10,000 yakan yi zagaye kusan 98, kusan naira 980,000 ta ratsa, asararsa kusan 26,400. Mai sa 1,000 sau 3,667 ya ratsar da fiye da naira miliyan uku da dubu ɗari shida, kashi ɗaya cikin 37 na wannan kuwa kusan 99,100 ne, wato kusan duk abin da ya zo da shi. Kamar buhun hatsi ne da ake auna wa da mudu, kowane awo mai awo ya ɗebi ɗan tafi. In sau ɗaya aka auna ba a ma lura ba. In aka yi ta juye shi daga buhu zuwa buhu ana sake awo, yamma na yi sai a tarar da buhu a kwance.

Ba ina cewa zuba kuɗi a karo ɗaya dabara ce ta samu ba. Shi ma yana ƙasa da rabi, kuma a matsakaici asara ce. Abin da lissafin ya nuna shi ne a wasan da ya karkata ga wani, haƙuri da taka-tsantsan suna yi wa wancan ɗin aiki ne.

Daga ɓangaren mai rinjaye

A juya teburin. In p ta fi q, r tana ƙasa da 1, kuma a wannan hali ko da babu iyaka a sama, karaya ba tabbas ba ce. Idan N ta yi girma ƙwarai r^N takan zama kamar babu, damar karaya ta tsaya a kan r^k kawai. Ga gidan caca r ita ce 18/19. In ajiyarsa ta ninka kuɗin da ake sawa sau 100, damar a karya shi ɗaya ce cikin 223. In ta ninka sau 1,000, damar ba ta kai ɗaya cikin lamba 1 mai sifiri 23 a bayanta ba. Shi ya sa kowane tebur yake da iyakar abin da za a iya sawa a karo ɗaya: gidan yana tabbatar da cewa matakansa suna da yawa.

Wannan ɓangare ya shafi mutanen da ba su taɓa kusantar caca ba. Ɗauki ɗan kasuwa da kowace harka tasa ko ta kawo riba ko ta jawo asarar daidai wannan adadi, kuma yana dacewa sau 55 cikin 100. Rinjaye yana wajensa, r ita ce 45/55. In yana sa kashi ɗaya cikin biyar na jarinsa na farko a kowace harka, matakai biyar ke tsakaninsa da ƙasa, damar karayarsa kusan kashi 37 cikin 100. In kashi ɗaya cikin ashirin yake sawa, damar ta faɗo ƙasa da kashi 2. Kasuwa ba ta tafiya a tsare haka, wannan misali ne don a ga siffar abin, amma siffar gaskiya ce: mai rinjaye ƙananan matakai ne ke tsare shi, akasin wanda aka rinjaya. Daga irin wannan tunani lissafin karayar kamfanonin inshora ya taso, wanda Filip Lundberg ɗan ƙasar Suwidin ya aza harsashinsa a 1903, Harald Cramér ya faɗaɗa shi daga baya.

Ƙa'idar tana da sharuɗɗa, kuma kuskure galibi daga mantawa da su yake zuwa. Dole ci da faɗuwa su zama adadi ɗaya, dole p ta tsaya yadda take, dole kuma wani zagaye kada ya shafi wani. Cacar ƙwallon ƙafa, inda ake biyan ninki uku ko goma kuma ba wanda ya san ainihin damar kowace ƙungiya, ba ta shiga wannan ma'auni kai tsaye, sai an sake gina ƙa'idar da matakai masu tsawo daban-daban. Ɗalibai kuma sukan yi tuntuɓe a wuri biyu. Wasu sukan sa r = 1 a cikin ƙa'idar wasan da ya karkata, su samu sifiri bisa sifiri, alhali a nan k/N ake amfani da ita. Wasu sukan juya r su rubuta p/q, amsar ta fito tana nuna mai rauni ne ke da rinjaye. Gwajin da ke kama wannan kuskure ɗan kaɗan ne: a sa k = 1 da N = 2. Wasan zagaye ɗaya ne, dole amsar ta fito p. In q ta fito, an juya.

Akwai kuma tambayar ko wasan zai iya ci gaba har abada ba wanda ya karye. Ba zai yi ba. Ci N a jere ya isa ya ƙare shi daga kowane mataki, kuma duk ƙanƙantar damar hakan, abin da ake ta gwadawa ba iyaka sai ya faru. Wannan ne ya halatta mana cewa damar karaya ita ce 1 a cire P(k).

Abraham de Moivre ya buga hujjar wannan ƙa'ida a 1711, ta kuma fito cikin littafin Jacob Bernoulli da aka buga a 1713 bayan rasuwarsa. Da ita a hannu, lambobin Huygens ba su da sauran asiri. 'Ya'yan ludo uku suna iya faɗuwa ta hanya 216. Daga ciki 27 ne ke ba da 11, 15 ke ba da 14. Sauran jifa 174 ba sa motsa ko ƙwaya ɗaya, don haka ba sa shiga lissafi, tsawaita zama kawai suke yi. Ɗan wasa na farko yana ci a 15, yana faɗuwa a 27, r tasa ita ce 27/15, wato 9/5. Yana da ƙwaya 12 yana neman 24, don haka a kan kowace nasararsa ɗaya akwai karaya r^12, wato 9 an ninka ta sau goma sha biyu bisa 5 an ninka ta sau goma sha biyu. A jera 5 guda goma sha biyu a ninka, 244,140,625 za a samu. A yi haka da 9, a samu 282,429,536,481. Mutumin da ke cin 5 cikin kowane jifa 14 masu amfani, wanda a zagaye ɗaya ya fi sulusi, damarsa ta tattare ƙwayoyin nan 24 kusan ɗaya ce cikin 1,158.